Amsoshin Tambayoyinku: Yaya tantanin jiki ke shigar da manyan abubuwa da fitar da su?

Kowane tantani na jikin ɗan Adam yana lulluɓe da siririyar fata ta kitse. Ruwa da iska suna ratsa ta, amma manyan abubuwa ba sa iya wucewa. Don haka idan tantani zai ɗauki babban abu, sai fatar ta lotsa ciki, ta kewaye abin, ta tsinke ta zama 'yar jaka a cikinsa. Masana na kiran wannan endosaitosis.

Haka fararen ƙwayoyin jini suke yi wa ƙwayar cuta: su lulluɓe ta, sannan jakar ta haɗe da laisosom, wata jaka mai ruwan tsami da sinadaran narkarwa. Sai dai ƙwayar tarin fuka takan hana wannan haɗuwa, ta zauna da rai cikin tantanin da ya haɗiye ta.

Fitarwa kuwa sunanta eksosaitosis. Idan sukari ya yawaita a jini, sinadarin kalsiyam yana shiga tantanin da ke yin insulin, sai jakunkunan insulin su manne da fatar, su buɗe ta waje, su zuba shi cikin jini.