Amsoshin Tambayoyinku: Girman hoto kafin a buga

Wani mai sauraronmu daga Birnin Tudu, ƙaramar hukumar Bakura a jihar Zamfara, yana tambaya: yaya zai san santimita nawa hotonsa zai fito kafin ya kai shi shagon buga hoto a Talata Mafara?

To Malam, lissafin ba wuya. Ka duba bayanan hoton a wayarka, za ka ga yawan fiksil ɗinsa, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗa shi. Ka raba adadin da yawan ɗigon da za a buga a kowane inci, abin da ake rubutawa DPI, sannan ka ninka da 2.54, domin inci ɗaya santimita 2.54 ne.

A ce faɗin hoton fiksil 1200 ne, tsawonsa 1800. A kan ɗigo 300, wanda aka saba da shi wajen hoto mai kyau, zai ba ka inci 4 da 6, wato santimita 10.16 da 15.24. In ka matsa sai ya cika takardar A4, ɗigon zai sauka ƙasa da 160, fuska ta fara dishi-dishi.

Kuma don Allah, in za ka tura shi ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, domin turawar hoto ta yau da kullum tana rage fiksil.