Taki da Shinkafar Kura: Inda Folinomiyal Ke Gazawa

'Yan uwa masu furojet a sashen lissafin ƙididdiga, a ce ka tattara bayanai daga gonakin shinkafa 80 a Kura da Bunkure, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Tambayarka ita ce: buhun yuriya nawa ya kamata a zuba wa hekta? Buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne.

Amfanin gona yakan hau da sauri a buhunan farko, sannan ya lafa, ƙarin taki ya daina ƙara komai. Miƙaƙƙen layi ba zai kama wannan ba. In ka sa x², lanƙwasar dole ta sauko kamar yadda ta hau, ko da gonakin ba su nuna haka ba. In ka kai x⁶, sai ta dinga rawa a gefe, domin lissafi ɗaya ne ke riƙe da layin gaba ɗayansa. Manomi guda da ya zabga buhu goma zai iya karkata hasashen mai buhu biyu.

Maganin shi ne sifilayin. Ka yanka layin takin a wurare kaɗan, misali buhu 2, 4 da 6. Waɗannan su ne ƙulle-ƙulle. Kowane yanki yana da tasa lanƙwasar da ba ta wuce x³ ba, amma a kan ƙulli dole su haɗu sumul, ba tsalle, ba kusurwa. Ƙulli uku na nufin lambobi 7 za ka kimanta, kuma mai buhu goman nan yankinsa zai fi shafa.

To amma ai ba taki kaɗai ke magana ba, ranar dashe ma tana da tasiri. Nan ne samfurin tarawa na Hastie da Tibshirani (1986) ke shigowa: kowane dalili da lanƙwasarsa, sai a tara su. A manhajar R:

```r
library(mgcv)
m <- gam(amfani ~ s(taki, k=6) + s(rana, k=6),
         data=kura, method="REML")
gam.check(m)
```

Duba `edf`. In ya kusa 1, miƙaƙƙen layi ma ya isa. In ya kusa 5, wato `k` ban da ɗaya, lanƙwasar ta matsu, ka ƙara `k` ka sake gwadawa.

Hattara da abu biyu. In masu dashe da wuri su ne kuma masu zuba taki da yawa, samfurin zai kasa raba tasirin biyun. `concurvity(m)` zai nuna maka. Sannan in bayananka sun tsaya a buhu goma, kar ka faɗa wa manomi abin da sha biyar za su yi. Lanƙwasar ba ta ga gonar da aka yi haka ba.