Ina Naƙasa Take, a Jiki ko a Gari?

Masu sauraro, idan kurma ya je kasuwa ya kasa yin ciniki, me ya hana shi? Masana suna da amsa biyu.

Ta fari ita ce ra'ayin likitanci. Bisa wannan ra'ayi, matsalar tana cikin jikin mutumin: kunnensa ne ya lalace. Saboda haka sai a auna kunnen, a ba shi magani ko na'urar ƙara ji. In abin ya faskara, sai a ce ƙaddara ce.

Ta biyu ita ce ra'ayin zaman jama'a. A shekarar 1976 wata ƙungiyar naƙasassu a Ingila ta raba abu biyu da aka saba haɗawa. Akwai lahani, watau rashin aikin wata gaɓa. Akwai kuma naƙasa, watau katangar da jama'a ke gina wa mai lahani har ya kasa shiga harkokinsu. Wani malami, Mike Oliver, wanda shi kansa a keken guragu yake tafiya, shi ya raɗa wa wannan ra'ayi suna a 1983.

Ga misali daga Amirka. A tsibirin Martha's Vineyard, cikin ƙarni na 19, ana gadon kurumta ƙwarai. A garin Chilmark, kusan mutum 1 cikin 25 kurma ne. Da yake kusan kowa yana da ɗan'uwa ko maƙwabci kurma, sai masu ji ma suka tashi da maganar hannu tun suna yara. Kurame suka yi noma da su, suka yi aure, suka sa baki a taron gari. Kunnuwansu ba su warke ba, lahanin yana nan, amma katangar ta faɗi. In ɗayansu ya haye zuwa birnin da ba a san maganar hannu ba, nan take ya zama naƙasasshe, alhali kuwa jikinsa bai sāke ba. Har wa yau, a ƙauyen Adamorobe na ƙasar Ghana an sami kurame da masu ji suna tarayya cikin maganar hannu ta garinsu.

To, hanyar gane ra'ayin da ake bi ita ce a tambaya: wa ake so ya sāke? In makaranta ta ce yaro kurma ya dakata sai ya iya ji, ra'ayin fari ke nan. In ta kawo malami mai maganar hannu, na biyu ke nan.

Amma ra'ayi na biyu yana da iyaka. Gyaran gari ba ya kashe zafin ciwo, ba ya kuwa hana ƙyanda ko sanƙarau toshe kunnen yaro. Wannan aikin rigakafi ne da likita. Likita yana iya rage lahani, amma rushe katanga sai jama'a.