Yadda Ake Mayar da Giram ɗin Sukari Zuwa Cokali da Kalori

Wanda ya tsaya a shagon kayan sanyi a Gaya da zafin azahar, ko a tashar mota a Ajingi, ya karɓi robar lemo mai raɓa, da wuya ya juya ta ya duba bayanta. Ko ya juya, abin da zai tarar ƙananan lambobi ne da Turanci, a cikin ma'aunin da ba da shi muke girki ba. Matan gida da masu shayi ba sa auna sukari da giram. Cokali suka sani, da ƙwaya, da gwangwani. Shi ya sa nake ganin lambar da ke jikin roba ba ta fara magana da mu ba sai an mayar da ita cokalin shayi, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba, muddin bai tsallake matakin da yawancin mutane ke tsallakewa ba.

Da farko a nemo layin sukarin kansa. A jadawalin da ke bayan roba akwai layin da aka rubuta "Carbohydrate", a ƙarƙashinsa kuma "of which sugars" ko "Sugars" kawai. Na ƙasan ake so. Sai a ɗaga ido zuwa kan jadawalin a ga ko lambar ta nawa ce, domin galibi za a ga "per 100 ml", wato a kowane mililita 100. A nan ake yin tuntuɓe. Mu ɗauka an rubuta 10.6 g, wanda shi ne kimanin abin da ake samu a lemon kola mai cikakken zaƙi. Mutum zai ga goma da ɗoriya ya ce ai ba yawa, alhali ba mililita 100 ya saya ba. Robar da ke hannunsa 50cl ce, wato mililita 500, ɗari sau biyar ke nan. Kamar wanda aka faɗa wa kuɗin kwano ɗaya na gero a kasuwar Gaya ne, ya sa aka auna masa kwano biyar, sannan ya miƙa kuɗin ɗaya. Dole a ninka: 10.6 sau 5 ya ba da giram 53. Idan kwalba ce mai 35cl, sai a ninka da 3.5, a sami giram 37. Wani kamfanin kan rubuta "per serving" ya raba roba ɗaya gida biyu, kamar dai mutum biyu za su sha. Wanda zai shanye ta shi kaɗai ya ninka biyu.

Da zarar an sami giram ɗin robar gaba ɗaya, saura abu biyu, kuma duka da lamba 4 ake yin su. Cokalin shayi ɗaya a shafe, ba mai tozo ba, yana ɗaukar kimanin giram 4 na sukari, don haka a raba da 4: giram 53 ya zama cokali 13 da 'yan kai. Kowane giram na sukari kuma yana ba jiki kalori 4, don haka a ninka da 4: giram 53 ya zama kalori 212. Kwalba mai 35cl cokali 9 ce, kalori 148. Ana iya gwada lissafin da layin "Energy". A lemon da ba komai cikinsa sai ruwa da sukari da gas, 10.6 sau 4 zai ba da kusan 42, kuma abin da za a gani ke nan a gaban kcal. Idan aka ga lamba mai girma kamar 180, a duba da kyau, kJ ce, wani ma'aunin daban; a raba ta da 4.2 a dawo kusa da 42. Wanda lissafinsa ya yi nisa da haka, ko dai ya manta ninkawa da girman roba, ko ya haɗa kJ da kcal.

Alawa da minti da biskit da nauyi ake lissafa su, a kowane giram 100. A ce ledar alawa ta nuna sukari giram 70 a cikin 100, kuma kowace ƙwaya giram 4 ce. Kashi 70 cikin 100 na 4 shi ne 2.8, saboda haka yaron da ya tsotse biyar a hanyar makaranta ya sha giram 14, cokali uku da rabi, kalori 56. Sai dai a biskit da cakulan kalorin sukari ba shi ne duka ba, domin akwai fulawa da mai, mai kuwa kalori 9 yake bayarwa a kowane giram. A nan lissafinmu rabon sukari kaɗai yake nunawa.

To, cokali 13 da me za a gwada shi? A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, kuma ya fi kyau ya sauka ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum mai cin kalori 2,000, kashi 10 shi ne kalori 200, wato giram 50, cokali 12 da rabi. Roba ɗaya mai 50cl ta riga ta haura wannan, tun kafin a zuba sukari a koko da safe ko a shayi da dare. Da azumi abin ya fi tsanani, lokacin da lemo da zoɓo da kunu ke haɗuwa a tabarma ɗaya bayan kiran magariba.

Wani zai ce cokalin gidansa ba irin na likita ba ne, wani babba wani ƙarami. Gaskiya ne, kuma cokali mai tozo yana iya ɗaukar kusan ninkin wanda aka shafe. Amma ba awon magani ake yi ba. Ko cokali 12 ne maimakon 13, hoton bai sauya ba: babu mai shayin da za a ce ya zuba cokali goma sha a kofi ɗaya bai ɗago kai ya dubi mai saye ba. Wani kuma zai ce manomin da ya yini yana huɗa a gonakin Ajingi ya ƙone wannan kalori tun kafin la'asar. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, domin mai aikin ƙarfi yana buƙatar fiye da 2,000, rabonsa na sukari ma ya ɗan ƙaru. Sai dai gumi ba ya wanke haƙori, kuma mai ciwon suga ba yawan kalori kaɗai ke damunsa ba, har da saurin da sukarin ruwa ke shiga jini. Ga shi kuma ba kowa ke huɗa ba. Tela da mai shago da ma'aikacin sakatariya a zaune suke yini.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na madara. Layin "Sugars" a jikin yogot ya haɗa sukarin da ke cikin nono tun asali, kimanin giram 4 zuwa 5 a mililita 100, wanda ba ya cikin abin da hukumar ta ce a rage. A cire wannan tukuna, abin da ya rage shi ne na ƙari. Zoɓo da kunun aya na ƙulli kuwa ba su da takarda, sai a koma wajen mai haɗawa. Idan ta juye sukari kilo ɗaya a bokiti mai lita 10, giram 1,000 ke nan a mililita 10,000, wato giram 10 a kowane 100, kusan daidai da lemon kwalba. Ƙullin rabin lita daga wannan bokitin cokali 12 da rabi ne.