Amsa Sallama Bashi Ne

A kan iyakar Jibiya, inda hanyar Katsina ta ratsa Magama ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, matafiya kan yi wa mazauna bakin hanya sallama dare da rana. Sau da yawa amsar ba ta wuce "yauwa" ko ɗaga hannu ba. Wannan kuwa bai sauke nauyi ba.

Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaidin, sun bayyana cewa fara sallama sunna ne, amma mayar da ita wajibi ne. Aya ta 86 cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni a amsa gaisuwa da wadda ta fi ta, ko da irinta.

Ga misali. Direba ya sauko daga mota, ya iske mutum biyar zaune suna jiran a duba takardunsu. Shi ne zai fara, domin mai tafiya ke yi wa na zaune sallama. In ya ce "Assalamu alaikum wa rahmatullahi", sai a amsa "Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu". A nan sallama ta tsaya, ba a ƙari bayan albarka.

Idan ɗayansu ya amsa yadda direban zai ji, ya ɗauke wa sauran. Idan duk suka yi shiru, laifin ya hau kansu baki ɗaya. "Sannu da zuwa" da tambayar hanya sai su biyo baya.

Allah Ya sa mu dace, amin.