Tsara Kanun Dogon Bayani

Yara, a ce baƙo ya sauka Ringim, yana son ku rubuta masa yadda ake noman gyaɗa. Kada ku fara rubutu tukuna. Ku jera tambayoyin da zai yi, bi da bi:

1. Wace irin ƙasa gyaɗa take so?
2. Yaushe ake shuka ta?
3. Yaya ake gane ta nuna?
4. Yaya ake shanya ta?

Kowace tambaya ta zama kai guda, amsarta kaɗai a ƙarƙashinsa. Ƙarƙashin na fari, ku ce jigawa. In shanya ta riga shuka, baƙo ya rikice. In kai guda ya ɗauki tambaya biyu, ku raba shi.

Aiki: Ku tsara kanu 4 na yin ƙuli-ƙuli.