Asarar Da Ake So Ta Yi Yawa: Yadda Za Ka Faɗi `Return Loss` Da Hausa Ga Mai Hawan Ƙarfen Sabis

Yau ba waya za mu buɗe daga kwali ba. Darasi ne ga masu aikin ƙarfen sabis, musamman wanda ke tsaye a ƙasa da na'urar awo a hannu yana yi wa na sama bayani. A nan Kumasi akwai samarin zango da ke wannan aiki. Takardar aiki da Turanci take zuwa, allon na'ura ma Turanci ne, amma idan mutum ya kai mita arba'in a sama, iska na kaɗa shi, da Hausa ake yi masa magana. To wace Hausar? A nan ne ake samun matsala.

Zan ɗauki awo guda ɗaya kawai, wanda ya fi kowanne ruɗa mutane idan aka fassara shi kai tsaye.

Rediyo na tura sigina ta cikin kebul zuwa eriya. An ƙera rediyon da kebul ɗin da eriyar duk a kan ma'auni ɗaya, wato om 50. Muddin hanya ta tafi a haka, sigina zai wuce ya fita. Amma in ya tarar da wurin da ma'aunin ya sauya, kamar mahaɗin da ya yi sako-sako, ko kebul da aka lanƙwasa har ya lotsa, ko ruwa da ya shiga, sai wani kaso ya juyo baya kamar amsa-kuwwa. Wannan abin da ya juyo ni komowa nake ce masa, kuma ban taɓa ganin ma'aikacin da ya nemi ƙarin bayani a kan kalmar ba.

Komowar nan ana auna ta da hanya biyu, kuma na'ura irin su Site Master na nuna duka biyun. Ta farko ita ce `VSWR`. Haruffan nan kada ka taɓa su. Haka suke a allo, haka suke a saƙon ƙararrawa, haka za a rubuta su a rahoto. 'Yan uwanmu na Kamaru da Cadi da Nijar za su iya ganin `ROS` ko `TOS` a takardun Faransanci, a wajen aiki abu ɗaya ake nufi. Abin da za ka ƙara kawai shi ne alkibla: `VSWR` daga 1 yake farawa, 1 shi ne babu komowa ko kaɗan, kuma duk hawan da ya yi lalacewa ce. Wannan ba ya wahalar da kowa.

Ta biyun ce mai rikici, wato `Return Loss`. Wanda ya ɗauko ƙamus zai ce "asarar dawowa". Ba za ka ce ya yi ƙarya ba, amma ka duba abin da kunnen Bahaushe zai ji. Asara abu ne da ake so ya ragu. Idan ka ce wa ma'aikaci asara ta tashi daga 12 zuwa 24, zai ɗauka gyaran da ya yi ne ya ɓata abu, har ya koma ya kwance mahaɗin da ya ɗaure daidai. Alhali a wannan awon, 24 ya fi 12 kyau nesa ba kusa ba.

Dalili shi ne lambar ba ta faɗin yawan abin da aka rasa. Tana faɗin yadda abin da ya komo ya gaza abin da aka tura. Tazara ce tsakanin mai tafiya da mai dawowa. Shi ya sa ni nake cewa ratar komowa. Kowa ya san rata: in ka ba abokin tsere rata mai yawa, kai ne a gaba. Ratar 20 dB na nufin kashi 1 cikin 100 ne kawai ya komo. Ratar 14 dB kusan kashi 4 ne, kuma ita ce daidai da `VSWR` 1.5, iyakar da ake yawan sa wa a wurare da dama. Ratar 6 dB kuwa kwata guda ne cur ya komo, `VSWR` ya kai 3. Da kalmar rata, ba sai ka tsaya kana cewa "amma fa wannan asarar mai kyau ce" ba. Kalmar da kanta ta nuna inda alheri yake.

Kalmar asara kuma a bar wa mai ita. A na'urar nan dai akwai `Cable Loss`, shi ma da dB ake auna shi, kuma shi asara ce ta gaskiya: abin da kebul ya cinye a hanya ya mai da shi zafi. Ni cin kebul nake cewa. Ƙarami ake so. Ka ga ke nan da an kira su biyun "asara", da mutum ya riƙe lambobi biyu masu suna ɗaya, ɗaya ana so ta hau, ɗaya ana so ta sauka. Ƙaramin abin lura: wasu na'urori na sa alamar ragi a gaban lambar, ka ga -18 maimakon 18. In kana karanta wa na sama, ka ce rata 18, ka bar maganar ragi a allo.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wuri ne irin na da, rediyo na ƙasa cikin akwati, ba a manne bayan eriya ba. Daga rediyo akwai jampa ta mita 2, sai fida ta mita 45 da ta hau ƙarfen, sai wata jampa ta mita 3 zuwa eriya. Jampa da fida an riga an saba da su a baki, ban ga amfanin ƙirƙiro musu sabon suna ba. Ga sabon shiga sai ka ce fida ita ce kebul mai kauri, jampa kuma guntun mai laushi da ke haɗa bakinta da na'ura. An yi ruwa kwana biyu a watan Yuni, sekta ta biyu ta tayar da ƙararrawar `VSWR`.

Kafin a kwance komai sai an tsayar da rediyon wannan sekta, don kare mutum da kuma na'urar awo. A nan ma akwai tarko, domin "kashe" a Hausa na ɗaukar abu biyu. Akwai rufe sekta daga kwamfuta, rediyo na da wuta amma ba ya watsawa, akwai kuma sauke makunnin wutarsa gaba ɗaya. Kada ka ce "an kashe" ka yi shiru. Ka ce "an rufe watsawa" ko "an yanke wuta", kuma ka faɗi sekta ta nawa, shi ma na sama ya maimaita maka.

Sai saita na'ura. Za ta nemi ka ɗaura abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya: `OPEN`, `SHORT`, `LOAD`. Na farko buɗaɗɗe ne, ba gardama. Na biyu ba "gajere" ba ne, haɗaɗɗe ne, wato an haɗe tsakiyar kebul da bangonsa. Na uku kuma ba kaya ba ne, ba nauyi ba ne. Wani ɗan murfi ne mai om 50 da ke shanye sigina duka, kamar eriyar da ba ta da aibi. Murfin gwaji nake kiransa. Ka ce wa yaro "kawo lodi" ka ga ko ba zai tsaya yana waige-waigen abin ɗauka ba.

An auna daga ƙasa, allo ya nuna rata 12 dB, wato `VSWR` kusan 1.7. Mutum zai ce ai kaɗan ya wuce 1.5, a bar shi zuwa wani mako. A nan ne bambanta rata da cin kebul ke biyan kuɗinsa. A ce cin kebul na wannan layi duka 3 dB ne, wato rabi. Rediyo ya tura wat 40, wat 20 ne ya isa sama. In matsalar can sama take kuma tana mayar da kwata, wat 5 ya juyo. A hanyar saukowa kebul ya sake cinye rabi, wat 2.5 ya iso ƙasa. To 2.5 cikin 40 shi ne 12 dB ɗin da ka gani. A can sama kuwa ratar 6 dB ce kacal. Kebul ya ci sau biyu, hawa da sauka, ya ɓoye maka girman ɓarnar:

```
RL(sama) = RL(ƙasa) - 2 x CL
6 = 12 - 2 x 3
```

Gwada faɗin wannan da "asara" a duka wuraren biyu ka ji yadda zai fito. Da namu kalmomin kuwa magana ɗaya ce: ratar da ka gani a ƙasa, cire cin kebul sau biyu, shi ne ratar gaskiya a sama.

Saura a san inda abin yake. A nan ake juya na'ura zuwa `Distance to Fault`, ko `DTF` a taƙaice. Tana zana layi, tana nuna tsini a duk inda aka sami komowa, tare da nisansa a mita. Ban cika son "nisan matsala" ba, domin kowane mahaɗi, ko lafiyayye ne, yana ɗan nuna tsininsa. In ka kira kowane tsini matsala, za a kwance mahaɗai huɗu lafiyayyu a banza. Nisan komowa ya fi, sannan a nemi tsinin da ya fi saura tsawo. A misalinmu ya fito a mita 47. Lissafa: 2 da 45. Wato daidai inda fida ta haɗu da jampar sama. Da a mita 50 ya fito, da bakin eriya za a duba.

Amma nisan nan ya dogara da wata lamba da ake shigarwa, wadda ke faɗa wa na'ura saurin sigina a cikin irin wannan kebul idan aka kwatanta da saurin haske. Saurin kebul ya isa a kira ta. Fida irin wannan tana wajen 0.88. In wani ya bar na'urar a kan 0.66 na ƙananan kebul, tsinin zai fito a wajen mita 35, a tura mutum tsakiyar ƙarfe yana shafa kebul lafiyayye yana neman rami. Alamar da za ka gane ita ce ƙarshen layin ma ba zai faɗo a mita 50 ba. In tsawon da na'ura ta nuna bai yi daidai da tsawon da ka sani ba, koma ka duba saurin kebul kafin kowa ya hau.

Ga yadda saƙon zai fita zuwa ga na sama: "Ɗan'uwa, sekta ta biyu, an rufe watsawa. Je ka mahaɗin fida da jampar sama. Kwance tef ɗin, ka duba ko akwai ruwa ko kore-kore a ciki. Cire jampar, ka ɗaura murfin gwaji a bakin fida, ka faɗa mini."

In da murfin gwaji rata ta haura 25, fida da bakinta lafiya suke, laifin na jampa ne, a sauya ta. In ta tsaya ƙasa, bakin fidar ne ya sha ruwa, sai an yanke an sa sabo. Bayan an ɗaure an naɗe da roba mai danƙo da tef, a sake aunawa daga ƙasa da eriya a haɗe. A rahoto ka rubuta `Return Loss` da `VSWR` yadda suke a allo, domin injiniyan da zai karanta wataƙila ba ya jin Hausa. A waya kuma ka ce wa na sama rata ta koma 18, ya sauko.